An tsayar da aikin gwamnati, me ya haɗa shi da cinikin shagona?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan masarufi kusa da Kasuwar Dole a Damagaram. Tun da aka tsayar da wani aikin hanya a gefenmu ciniki ya faɗi, alhali ban taɓa sayar wa gwamnati ko ashana ba. Kuma na ji wani a rediyo yana cewa duk jikar da gwamnati ta kashe tana zama jika 5 a cikin ƙasa. In haka ne, asarar da ke tafe ma ninki 5 ce? Hankalina ya tashi.

Amsa: Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa. Abin da ka gani a aljihunka gaskiya ne, amma lissafin mai rediyo bai kai inda ya kai shi ba.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman nawa ne don lissafi ya fito fili. Gwamnati ta biya miliyan 100 na sefa a aikin hanya, kuɗin duka suka shiga hannun mutanen ƙasa: leburori, magina, masu kawo yashi da birji, 'yan ga-ruwa. Wannan miliyan 100 ta zama kuɗin shiga a zagaye na farko. Lebura ba ya binne ladansa. A ce a cikin kowace jika da ta shigo masa, sefa 100 suna tafiya lanho da kuɗin duwan da ke ɓoye cikin farashin kaya, 100 yana ajiyewa, 300 suna tafiya kan kayan waje kamar shinkafa da batir da atamfa, sauran 500 kuma yana kashe su kan abin da aka noma ko aka yi a nan: gero, nama, ɗinki, hayar ɗaki, kabu-kabu. Waɗannan 500 ne kaɗai suke zama kuɗin shigar wani ɗan ƙasa. Saboda haka zagaye na biyu miliyan 50 ne, na uku 25, na huɗu 12.5, kowane rabin na gabansa. In ka tara su har su ƙare za ka sami miliyan 200. A taƙaice:

```
k = 1 / (s + t + m) = 1 / (0.1 + 0.1 + 0.3) = 2
```

Harafin k shi ne ninkin, s kason ajiya, t na lanho, m na kayan waje. Kai kana zagaye na biyu ko na uku, shi ya sa ba ka taɓa ganin takardar gwamnati ba amma kuɗinta yana biyowa ta shagonka. Kuma lissafin nan yana tafiya da baya kamar yadda yake tafiya gaba. Aiki ya tsaya, lebura ya rage sayayya, kai ka rage sari, mai kawo maka kaya ya sallami yaro ɗaya, yaron ya daina shan shayi a bakin kasuwa. Jinkirin biyan 'yan kwangila da malaman makaranta ma haka yake yi, ko da ba a soke ko sisi daga kasafin kuɗi ba.

Yanzu ga maganar ninki 5, wadda kusan kullum sai an tare ni da ita, har ta fara gundurata. Ga inda ta samo asali. Tun da masanin tattalin arziki Richard Kahn ya fito da wannan lissafi a 1931, takwaransa Keynes kuma ya faɗaɗa shi a 1936, malamai suke son misali guda a allo: mutum yana kashe 800 cikin kowace 1,000, ba lanho, ba kayan waje, sai amsa ta fito 5. Misalin koyarwa ne. Sai wani ya haddace shi ya hau rediyo, ya mayar da shi alkawari.

Ka tsaya a ƙofar shagonka ka dubi kantarka. Nawa ne cikin kayan aka yi a Nijar? Abin da ya biyo ta Matamai ko Magarya daga Kano, kuɗinsa Kano zai koma, ribarka da ladan mai mota ne kawai suke zama. A nan sai an lura da bambanci guda: kuɗin da ya bar Damagaram ya tafi Maraɗi ko Yamai ya fita daga lissafin gari amma yana cikin na ƙasa, wanda ya ƙetare iyaka kuwa ya fita gaba ɗaya.

Ko miliyan 100 ta farkon ma na yi mata sassauci. Aikin hanya yana cin kwalta da manyan injuna da kayan gyaransu, waɗanda ake sayowa daga waje. In miliyan 40 ta tafi can tun kafin a ɗauki lebura ɗaya, da 60 aka fara zagayawa, kuma 60 sau 2 miliyan 120 ce. Har yanzu ta fi abin da aka kashe, amma ina 120, ina 500? Wanda ya ga ayyukan Zinder Sabuwa na 2018 ya san irin kayan da ake shigowa da su a manyan motoci da irin aikin da ake ba 'yan gari.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wutsiyar da ake ɗaura wa maganar: wai gwamnati ta ci bashi kawai ta yi ta kashewa, lanho zai dawo da kuɗin. A lissafa mana! A misalinmu mai sassauci, kuɗin shiga ya ƙaru da miliyan 200, lanho kashi 10 cikin 100, wato miliyan 20 ce ta koma baitulmali. Sauran 80 bashi ne, da ruwansa. A misali na biyu 12 ce ta dawo. Mai faɗin haka ko bai yi lissafin ba, ko ya yi ya ɓoye. Kuma Nijar ba ta buga sefa da kanta, wannan aikin babban bankin BCEAO ne, don haka sai dai lanho ko rance ko taimako. In an ƙara lanho don a biya aikin, an zare daga aljihun wasu, nasu zagayen ya yi baya ya cinye wani ɓangare na ribar. In bankuna suka zuba kuɗinsu wajen ranta wa gwamnati, ɗan kasuwa irinka ne zai je neman rance a ce masa ya dawo wata mai zuwa.

Akwai kuma sharaɗin da masu ninki 5 ba su taɓa ambata. Lissafin yana aiki ne in akwai hannu da kayan aiki a zaune suna jiran ciniki: tela mai keke ba ɗinki, magini ba gini, matasan da suka gama aikin gona. Su za su ƙara abin da suke yi. Amma geron bana an riga an girbe shi, kuɗi ba zai ƙara dami ko ɗaya a rumbu ba kafin kaka mai zuwa. In kuɗi ya yi yawa a kan hatsin da bai ƙaru ba, farashin tiya ne zai hau, sai a ga alƙaluma sun kumbura amma tuwon bai ƙaru ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka duba ko an ƙara ɗaukar ma'aikata da yawan kayan da ake sayarwa, ko kuwa farashi ne kaɗai ya motsa.

Game da shagonka, raguwar tana da iyaka, domin kowane zagaye ƙasa yake da na gabansa, kuma mafi nauyi shi ne na farko-farko. Ka buɗe littafinka ka ware cinikin da ke zuwa kai tsaye daga ma'aikatan hanyar da iyalansu, wannan ka ɗauka ya tafi har sai an koma aiki. Sauran abokan cinikin ragewa za su yi, ba dainawa ba. Ka rage sarin kayan da ke daɗewa a kanta, kuma bashin da za ka ba wanda ke jiran biyan kwangila kada ya wuce abin da za ka iya haƙura da shi har wata da watanni.