An aiko mini da harajin 2017 a 2026: lokaci bai wuce ba?

Assalamu alaikum Barista. Ina da shagon kayan gini, da sunana nake kasuwanci, ba kamfani ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 2026 aka kawo mini takarda daga hukumar haraji ta jiharmu, wai akwai ƙarin haraji na Naira miliyan 2.6 a kan ribar 2017, da miliyan 1.1 a kan ta 2021. Na biya harajin waɗannan shekaru, rasit ɗina yana nan. Maƙwabcina a kasuwa ya ce in jefa takardar a aljihun tebur, wai bayan shekara shida haraji ya mutu. Yau kwana goma sha biyu ke nan ban yi komai ba. Gaskiya ya faɗa?

Wa alaikumus salam Alhaji. Maƙwabcinka ya ji wani abu na gaskiya, amma shawarar da ya ɗora a kai ita ce za ta ja maka asara. Ciro takardar nan daga aljihun tebur, domin akwai wa'adin kwana 30 da yake tafiya a kanka, kuma ka riga ka ci goma sha biyu.

Bari mu fara da shekara shidan. Sashe na 55 na tsohuwar dokar harajin kuɗin shigar mutum, wadda ita ce take aiki a shekarun da ake magana, ya ba hukuma damar ƙara wa mutum haraji idan ta gano an yanka masa ƙasa da abin da ya kamata. Amma sai a cikin shekarar harajin ko cikin shekara shida bayan ƙarewarta. Sabuwar dokar gudanar da haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ita ma ta bar shekara shidan.

Wurin da mutane suke kuskure shi ne daga ina za a fara ƙirga. Ɗan kasuwa irinka, ribar da ya samu a bana, a shekara mai zuwa ake yanka mata haraji. Ribar 2017 ke nan ta faɗa cikin shekarar haraji ta 2018. Wannan shekara ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2018, shekara shida a kanta kuwa sun cika ranar 31 ga Disamba 2024. Takardar da ta zo a Fabrairun 2026 ta makara da fiye da shekara guda. Ribar 2021 kuma tana cikin shekarar haraji ta 2022, wa'adinta bai cika ba, don haka batun lokaci ba zai taimake ka a kan miliyan 1.1 ɗin nan ba. Can sai dai a yi gardama da lissafi.

To me ya sa ban ce ka kwanta ka yi barci a kan miliyan 2.6 ba?

Na farko, dokar ta bar wa hukuma ƙofa. Idan akwai zamba, ko ƙin biya da gangan, ko sakaci daga wajen mai biyan haraji, hukuma tana iya komawa baya komai tsawon shekarun. Kalmar sakacin nan ita ce mai faɗi, kuma ta nan aka fi shigowa. Wanda bai taɓa cike takardar bayyana kuɗin shigarsa ba a waccan shekara, da wuya ya tsira da hujjar shekara shida, don za a ce ai shi ya hana a gano. Haka wanda ya bayyana cinikin shago ɗaya alhali yana da na biyu da ya ɓoye. Sai dai a dokar shaida, wanda ya yi zargi shi ne zai kawo hujja. Bai isa jami'i ya rubuta kalmar zamba a takarda ba, sai ya nuna abin da ka ɓoye da kuma lokacin da ka ɓoye shi. Ka ce kana da rasit. Rasit yana nuna ka biya wani abu. Abin da na fi so in gani shi ne kwafin takardar da ka bayyana cinikinka ta wannan shekara, mai hatimin karɓa, da takardar shaidar biyan haraji idan an taɓa ba ka.

Akwai kuma tambaya guda da nake so ka tuna da kyau kafin ka amsa: jami'ai sun taɓa zuwa duba littattafanka, ko sun rubuto suna neman bayanan asusunka na banki, kafin ƙarshen 2024? Idan an fara bincike kafin wa'adi ya cika, hukuma za ta ce ci gaba take yi da aikin da ta fara a kan lokaci, kuma sabuwar doka ta ba ta wannan dama.

Sannan ka karanta takardar da kanka ko a karanta maka kalma bayan kalma. Sabon ƙiyasi ne aka yi yanzu, ko kuwa tuni ake yi maka a kan ƙiyasin da suka ce sun aiko tun 2019 ba ka amsa ba? Shekara shidan tana hana yanka sabon haraji ne. Ba ta share bashin da aka riga aka yanka a kan lokaci. Idan suka ce tsohon ƙiyasi ne, ka nemi su nuna lambarsa, da ranar da aka miƙa shi, da wanda ya sa hannu ya karɓa. Na ga inda magana ta mutu a daidai wannan tambaya, domin fayil ɗin ya rasa shaidar miƙawa.

Yanzu kwana 30 ɗin. Doka ta ba ka wannan wa'adi daga ranar da aka miƙa maka takarda ka shigar da ƙorafi a rubuce. Daga 9 ga Fabrairu, ranar ƙarshe ita ce 11 ga Maris. Idan ranar ta wuce ba ka rubuta ba, ƙiyasin ya zama tabbatacce, hukuma kuma ta shiga hanyoyin karɓar kuɗinta. Lauya zai iya zuwa daga baya ya ce ƙiyasin tun asali ba shi da ƙafar tsayawa, amma wannan faɗa ne mai tsada wanda takarda shafi biyu za ta iya kare ka daga shi yau. Zuwa ofis a gaisa a yi magana da baki ba ƙorafi ba ne, ko da jami'in ya ce maka kada ka damu. Yana iya samun sauyin wurin aiki a wata mai zuwa, takardar kuwa tana nan a fayil.

A cikin wasiƙar, ka rubuta lambar ƙiyasin da ranar da ka karɓa. Ka raba shekarun biyu. A kan 2017 ka ce wa'adin shekara shida ya cika ranar 31 ga Disamba 2024, kuma takardarsu ba ta nuna wata zamba ko sakaci ba; ka ƙara da cewa ko da lokaci bai wuce ba, ba ka yarda da adadin ba, kada ka dogara da ƙafa ɗaya. A kan 2021 ka nemi a ba ka yadda aka yi lissafin, ka faɗi ribar da kai ka yarda ka samu, idan kuma akwai ragowar da ka san gaskiya ce, ka biya ta ta banki ka haɗa rasit. Kada ka biya ko sisi a kan 2017 da sunan nuna kyakkyawar niyya, kuma kada ka rubuta neman rangwame a kanta, domin za a iya ɗaukar hakan a matsayin ka amsa bashin. Ka kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata.

A sabuwar doka, hukuma tana da kwana 90 ta amsa, idan ba ta amsa ba ana ɗaukar an karɓi ƙorafin. Idan ta amsa ta ƙi gyarawa, kana da wasu kwana 30 daga ranar da amsar ta iso ka ka kai ƙara gaban kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Ta shiyyar Arewa maso Yamma tana zama a Kaduna, ta Arewa maso Gabas a Bauchi. Kafin a kai can, ka je bankinka a wannan makon ka nemi bayanan asusunka na 2017 da 2018, domin tsofaffin bayanai sukan ɗauki lokaci kafin su fito.