Harajin wanda ya kama aiki a tsakiyar wata

"Na ɗauki ma'aikaci 16 ga Yuni, albashinsa naira 300,000 a wata. Manhajarmu ta yanke masa harajin da bai kai rabin na abokan aikinsa ba. Ina matsalar?"

Malam, manhajar ta ɗauki naira 150,000 na kwana 15, ta ninka sau 12, sai ta zaci miliyan 1.8 yake samu a shekara. Shi ya sa ta sauke shi ƙaramin mataki, tunda kason haraji yana hawa da yawan kuɗi.

Duba tarin abin da ta lissafa masa na shekara. A ganina, ka shigar da cikakken albashi da ranar kama aiki daban, kada ka rubuta rabin da hannu. Daga Yuni zuwa Disamba miliyan 1.95 zai samu, a kan wannan ya kamata ta lissafa. In ya taso daga wani wurin aiki a bana, haɗa da na can.