Yajin aikin jirgin ƙasa a Ingila: tikiti ya mutu ne?

"Jama'a, daga Ringim nake. Ƙanena zai sauka Landan ranar Lahadi ya wuce Manchester makaranta, ya riga ya sayi tikitin jirgin ƙasa. Yanzu an ce ko gyaran layi ake, ko yajin aiki. Kuɗinsa sun tafi ke nan?"

Malam, kwantar da hankalinka, amma a fara tantance wanne ne, don hukuncinsu ba ɗaya ba. Ƙanen naka ya shiga shafin National Rail na bayanan jiragen ƙasan Birtaniya, ya sa tashar tashi da ta sauka da ranar tafiya.

In gyaran layi ne, wanda galibi Asabar da Lahadi ake yi, zai ga alamar bas a wani zango na tafiyar. Tikitinsa na jirgi shi ne kuɗin motar, ba zai ƙara ko sisi ba. Inda mutane ke kuskure shi ne wurin tsayuwa: wani lokaci motar ba a bakin ƙofar tasha take ba, tana bayan gini. Ya bi allon da aka rubuta "Rail replacement", ya tambayi direba inda ya nufa kafin ya ɗora akwati. Bas ba ta kai jirgi sauri, kada ya ƙure lokaci.

Yajin aiki kuwa, yawanci babu motar madadi. Tikitin Advance, wanda ake saye tun kafin ranar tafiya, na jirgi guda ne, amma in an soke jirgin, ko ya hau na gaba na kamfanin, ko ya fasa a mayar masa da kuɗinsa cif daga inda ya saya. In ya fasa, ya kama kujera a bas ɗin kamfanin National Express tun yau, tana cika da wuri. Allah ya kai shi lafiya.