Lambobin wayar masu saye: kaye, waya ko rukuni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Lambobin masu saye kusan 150 duk suna cikin kayen bashi da ke kan tebur. Kwanan baya wata Hajiya ta zo da fushi, wai yaron kantina ya kira ta da dare daga wayarsa. Yanzu ina shawara: in sayi babbar waya in zuba lambobin, in kuma buɗe musu rukunin WhatsApp, ko in zauna da kaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ka yi gaggawar sayen babbar waya. Abubuwa uku ne muke ba ka shawara ka saya: kaye na biyu mai kaurin bango, kwaɗo na akwatin tebur, da ƙaramar waya mai madannai tare da sabon sim da aka yi rajista da katin shaidarka kai kanka.

Inda matsalar ta taso shi ne suna, lamba da bashi duk suna layi ɗaya, a littafin da ake buɗewa ko da yaushe. Yaro yana gani, mai saye da ya leƙa don duba nasa lissafin yana ganin na maƙwabciyarsa, kuma ɗaukar hoton shafi guda da waya ba ya kai ƙiftawar ido. Saboda haka sai a raba su. Kayen bashi ya zauna kan tebur, amma ba suna ba lambar waya a ciki, sai lambar jeri da ka ba kowane mai saye. Kaye na biyu shi ke ɗauke da sirrin, yana cikin akwati a kulle, makulli a aljihunka.

Ga yadda zai kasance. A ce Hajiya ta ɗauki turmi biyu na jika 18, ta ba da jika 10. A kayen tebur za a rubuta: 47, kwanan wata, turmi 2, an biya jika 10, saura jika 8. A kayen akwati kuma, gaban 47, ka ja gida biyar: suna, lambar waya, wayar wa ce, abin da ta yarda a kira ta a kansa, da lokacin da ya fi mata. Lambobin Nijar takwas ne, ka rubuta su biyu-biyu, sannan ka karanta mata ta ji kafin ta tashi, domin kuskuren lamba guda ya isa ya kai maganar bashinta kunnen baƙo. Ga masu zuwa daga Kano ko Daura, ka fara da +234 don kada su cakuɗe da na +227.

Gidan nan na uku, wayar wa ce, shi ne wanda ƴan kasuwa suka fi mantawa, kuma a ganinmu shi ya fi nauyi. Mata da yawa lambar maigida suke bayarwa, ko ta ɗa, ko ta wayar da gida duka ke amfani da ita. Idan ka aika saƙo cewa Hajiya ana bin ki jika 8 na atamfa, mai yiwuwa mijin da bai san da cinikin ba ne zai fara karantawa, ko kishiya. Don haka saƙon tuni kada ya ɗauki adadin kuɗi ko kalmar bashi. Ya isa a ce: «Assalamu alaikum Hajiya, daga kantin atamfa ne. Idan kin samu sarari ki leƙo ko ki kira.» In namiji ya ɗauka, a yi sallama, a faɗi sunan kanti, a nemi ya isar da saƙo, kada a ƙara. Kira kuma tsakanin hantsi da la'asar, ban da lokutan salla, ban da bayan magariba.

Wajen karɓar lamba, ka faɗi dalili a fili: «Hajiya, ko za ki ba mu lamba don mu tuna miki lissafi? In sabon kaya ya zo ma kina so mu sanar da ke, ko a'a?» Yarda biyu ce daban. Wadda ta ba da lamba don bashi ba ta ce a cika mata waya da hotunan shadda ba. Mai biya hannu da hannu kuwa, in bai so ba a bar shi. Wannan ba kunya da kara kaɗai ba ne: Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, an kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita, kuma jigonta shi ne a karɓi bayanin mutum da saninsa, a yi amfani da shi ga abin da aka faɗa masa kawai.

Ƙaramar wayar ita ce bakin kanti. Duk kira daga gare ta zai fita, ta kwana a akwati, ba ta bin yaro gida. Ka ajiye a cikinta lambobin waɗanda ake mu'amala da su a makon kawai, da lambar jeri maimakon suna. Gaskiya wannan ba zai hana yaron da ya yi niyya kwafe lamba ba, amma zai rage abin da hannunsa ke kaiwa daga 150 zuwa goma ko sha biyar, kuma jerin kiran da ke wayar zai nuna maka wa aka kira da ƙarfe nawa. Ka sanar da masu sayenka cewa lambar kanti ɗaya ce, duk wanda ya kira daga wata lamba yana cewa a aika kuɗi da sunanka, ba kai ba ne. Ka kunna PIN na sim ɗin, ka adana katin da ya zo da shi, don in an yi kuskure sau uku sai da PUK ɗin da ke jikinsa zai buɗu. Ranar da za a kai wayar wurin mai gyara, a cire sim a goge lambobin.

Rukuni kam, kada ka buɗe. Duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa, ke nan abin da yaro ɗaya ya yi ka buɗe wa mutum ɗari ƙofarsa. In kana son aika hotunan kaya, in kana da babbar waya taka ta hannu, ka sa WhatsApp Business a cikinta da lambar kanti, ka yi amfani da jerin watsa saƙo, wanda a wayoyi masu Faransanci ake rubuta Liste de diffusion. Yana ɗaukar mutum 256, kowa saƙon zai zo masa shi kaɗai, amma sai wanda ya ajiye lambar kantin a wayarsa zai samu. Tun da lambar tabbatarwa ta WhatsApp a ƙaramar wayar za ta riƙa sauka, inda yaro ke gani, ka shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka sa lambobi shida da kai kaɗai ka sani.

Sau ɗaya a shekara, bayan cinikin Babbar Salla ya lafa, ka bi kayen akwati. Wanda ba ka bin sa komai kuma ya daɗe bai zo ba, ka shafe lambarsa da bik har ba a iya karantawa. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake ba wani, sai ka wayi gari kana aika wa baƙo saƙo. Tsohon kayen nan na kan tebur, bayan ka kwashe lissafin, ka ƙone shi da hannunka, kada ya koma takardar ƙunshin ƙosai.

Ita kuma Hajiya, ka je gidan da kanka ko ka aiki dattijo ya ba ta haƙuri ita da maigidanta. Ka sa yaron ya goge lambarta a gabanka, daga ma'ajin lambobi da jerin kira da WhatsApp, ka duba ko akwai hotunan shafukan kaye a wayarsa, sannan ka faɗa masa sabuwar ƙa'idar kantin a gaban wanda ya kawo shi aiki.