Amshi, ja-layi da gyaran biro a littafin waƙa

Tambaya: Malam, an turo min hoton littafin waƙoƙin marigayi kawuna in kwafe. Wasu wurare ya rubuta "Am." kawai, wasu kalmomi ya ja musu layi a ƙasa, wasu kuma ya soke ya rubuta wata a sama. Yaya zan yi kada in ɓata masa waƙa?

Amsa: Allah Ya jiƙansa. Ki yi kwafi biyu. Na farko ki zuba komai yadda yake a takarda, har kalmar da aka soke, ki sa ta cikin baka-biyu da alamar cewa sokakkiya ce. Na biyu shi ne mai tsafta.

"Am." amshi ke nan, wato gindin waƙa da ake komawa bayan kowane baiti. Yawanci sau ɗaya ake rubuta shi cikakke, a farkon waƙa. Amma idan kika ga "Am." da kalma biyu ko uku a gabansa, ki gwada su da farkon amshin. In sun saɓa, to amshin ya sauya a wannan gaɓar, kada ki manna na farko.

Ja-layi ya fi wuya, don kowane marubuci da nufinsa. Ki tattara kalmomin da aka ja wa layi wuri ɗaya. In duk a ƙarshen ɗango suke, mai yiwuwa wurin jan murya ne ko inda 'yan amshi ke karɓa. In a warwatse suke, sau da yawa kalma ce mai harshen damo. A rubutun hannu ana yawan barin ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, boko kuma ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka "baki" na iya zama bakin magana, ko baƙin launi, ko baƙin da suka sauka a gida. In ɗangon ya ce "baki sun cika zaure", ai "sun" ta raba gardama: baƙi ne, mutane.

Sokewa kuwa, amsa-amo ne alƙali. A ce ya rubuta "Komai nisan dare gari zai waye", ya soke "zai waye" ya sa "na wayewa". Mai kwafi zai so ya maido da karin maganar yadda aka san ta. Dubi ƙarshen sauran baitocin tukuna: in da "-wa" suke ƙarewa, da gangan ya lanƙwasa ta, gyaran ne waƙar. Haka in kika tarar da "shina" ko "hwari", Sakkwatanci ne, kada ki mai da su "yana" da "fari".

Wani abu kuma daga hoton yake. Inuwar tsakiyar littafi kan cinye haruffan da ke kusa da ɗinki, biro baƙi da shuɗi kuma su zama ɗaya, alhali bambancinsu ne ke nuna gyaran da ya zo daga baya. Ki roƙi a sake ɗaukar shafin da rana, a danne shi ya kwanta. Abin da ya ƙi karantuwa bayan haka, ki sa [?] a gurbinsa, ki nemi wanda ya taɓa jin waƙar daga bakin kawun ya rera miki.