Yaya Zan Tsara Sunaye da Bayanin Karatun Tafsirin Malaminmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne nake ɗaukar tafsirin da malaminmu yake yi a masallacin unguwarmu duk watan azumi, ina ɗorawa a YouTube, ina kuma zuba wa mutane a katin waya. Shekara uku ke nan. Yanzu abin ya cakuɗe, wani na rubuta "Tafsir rana ta 5", wani kwanan wata kawai na sa. Mutane sai su kira ni suna neman inda malam ya yi bayanin wata aya, ni kaina in kasa ganowa. Yaya zan tsara sunayen da bayanin da ke ƙasansu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahamatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, a kan wannan hidima.

Ka lura da abin da masu kiranka suke tambaya. Da wuya wani ya ce maka "ina zaman rana ta biyar?" Abin da ake cewa shi ne "ina wurin da malam ya yi bayanin ayoyin azumi?" ko "ina ya tsaya bara?" Mai neman karatu sura da aya yake nema, ko kuma mas'ala. Saboda haka sunan kowane zama dole ya nuna inda karatun yake a cikin Alƙur'ani, sauran abubuwa duk biyo baya suke yi.

Mu ɗauki misali. A ce malam ya fara daga Fatiha a azumin 1444, ya rufe a aya ta 141 ta Baƙara, a shekara ta 1445 kuma ya ɗora daga aya ta 142. A zama na goma sha ɗaya na wannan shekarar ya karanta aya ta 183 zuwa 185. Ga yadda zan rubuta sunan a YouTube:

```
Tafsiri 1445 | Zama 11 | Baƙara 183-185 | Wajabcin azumi | Malam Wane
```

Wannan tsarin shi za ka riƙe, ba ka canja wurin ko ɗaya. YouTube ba ya karɓar suna da ya wuce harafi 100, kuma a allon waya rabin farko kawai ake gani, sauran sai a yanke shi. Wannan ne ya sa na kai sunan malam ƙarshe. Na san da nauyi, domin mun saba fara wa da "Fadilatus Shaikh" da jerin laƙabi don girmamawa. Amma idan ka yi haka, mai dubawa zai ga zama talatin duk da fuska ɗaya, lambar zama da ayar duk sun faɗa cikin wurin da aka yanke. Cikakken sunan malam da laƙabinsa su zauna a sunan tashar da kuma bayanin ƙasa, a can ba abin da zai yanke su.

Shekarar Hijira za ka sa, domin tafsirin da Ramadan yake tafiya. A lissafin Miladiyya, Ramadan yana zuwa da wuri da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har ma a 2030 ana sa ran zai zo sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wanda yake rubuta shekarar Miladiyya zai samu tafsiri biyu da suna ɗaya. Sannan ka rubuta "zama", kada ka rubuta "rana". Malam yakan fasa fita wata rana saboda rashin lafiya ko jana'iza, sai ka tarar zama na goma sha ɗaya ya faɗo ranar 13 ga wata. Idan ka ce "rana ta 11", mai sauraro bai san ko ranar azumi kake nufi ko ta karatu ba. Kwanan watan yana da wurinsa a bayanin ƙasa.

Akwai wani abu game da lambar aya da masu ɗaukar karatu da yawa ba sa kula da shi. A ƙasar Hausa muna da masu karatu da Warshu da masu karatu da Hafsu, kuma ƙirgen ayoyin bugun nan biyu ba ɗaya ba ne. Baƙara aya 286 ce a ƙirgen da ke cikin bugun Hafsu, a na Warshu kuwa 285. Tun daga farkon surar aka rabu, domin a Hafsu "Alif Lam Mim" aya ce mai zaman kanta, a Warshu an haɗe ta da ayar da ke biye mata. Idan ka rubuta 183, dattijon da ya buɗe Alƙur'aninsa na Warshu zai iya sauka a wata ayar daban, wani ma da izu da sumuni ya saba, bai damu da lamba ba. Ka zaɓi ƙirge ɗaya, ka faɗi wanda ka zaɓa, sannan a kowane zama ka rubuta kalmomin farko na ayar da aka fara da ita. Duk wanda ya taɓa riƙe allo zai gane wurin da kalmomin nan nan take.

To ga bayanin da za ka sa a ƙarƙashin wannan zaman:

```
Baƙara 183-185 (ƙirgen Hafsu)
Daga: Ya ayyuhallazina amanu kutiba alaikumus siyam
13 Ramadan 1445 | Masallacin Unguwa Kaza
Mai fassara: Malam Wane | Mai jan baƙi: Alaramma Wane

0:00 Buɗewa da bitar jiya
4:10 Aya 183: wajabcin azumi
21:35 Aya 184: mara lafiya da matafiyi
48:20 Aya 185: watan da aka saukar da Alƙur'ani
1:05:00 Tambayoyi
```

Layi biyu na farko su ake gani kafin mutum ya buɗe sauran, don haka kada ka ɓata su da roƙon a bi tasharka. Lokutan nan da ka gani, YouTube yana mayar da su babi-babi da mutum zai danna ya tsallaka, amma da sharaɗi: na farko ya fara da 0:00, su kai uku ko fiye, su jeru daga ƙarami zuwa babba, kowane babi kuma ya kai daƙiƙa goma. In ka ga babin bai fito ba, yawanci 0:00 ɗin ne aka manta. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka riƙe ɗan littafi lokacin da ake karatun, duk sanda alaramma ya ja sabuwar aya ka duba na'urar ɗauka ka rubuta minti. In ka bari sai daga baya, sai ka sake sauraren awa guda cur, kuma a cikin azumi da wuya ka samu wannan lokacin. Ka kuma sa sunan mai jan baƙi, haƙƙinsa ne, rabin abin da ke cikin kaset ɗin muryarsa ce.

Wurin mas'ala a cikin suna, inda na rubuta "Wajabcin azumi", nan ne nake so ka yi taka-tsantsan ƙwarai. Ka rubuta abin da ayoyin suka ƙunsa, da kalmomin da malam ya yi amfani da su. Kada ka ɗauko wata magana da ya yi a gefe ta minti biyu ka mayar da ita kan labari, irin "Malam ya yi raddi mai zafi". Irin wannan suna yana jawo 'yan kallo, amma yana jingina wa malam abin da ba shi ya zauna yi ba, kuma bayan shekara biyu ba zai taimaki mai neman aya da komai ba. Haka kuma idan malam ya dawo a zama na goma sha biyu ya ce jiya ya yi tuntuɓen harshe a wata mas'ala, ka koma bayanin zama na goma sha ɗaya, a layin farko, ka rubuta cewa akwai gyara a zama na 12, minti kaza. Mutane da yawa zama ɗaya kawai za su ji, kuma amanar isar musu da gyaran tana wuyanka.

Batun jerin karatu, wanda za ka gani da sunan Playlists a shafinka, jeri iri biyu nake ba da shawara. Na farko na shekara: "Tafsiri 1445, Baƙara 142 zuwa inda aka tsaya". Na biyu na sura: "Tafsirin Suratul Baƙara", wanda zai kwaso zamannin 1444 da 1445 da duk shekarar da aka kammala ta. Bidiyo ɗaya yana iya zama a jeri biyu ba tare da ka sake ɗora shi ba. A bayanin jerin ka faɗi inda aka fara, inda aka tsaya, yawan zama, ƙirgen da kake bi, da littafin tafsirin da ke hannun malam idan akwai. Ka tabbatar zama na ɗaya ne a sama. Za ka iya zaɓar Date published (oldest), sai dai in ka taɓa ɗora wani zama a makare zai sauka a inda ba nasa ba, don haka gara ka ja su da hannu ka jera.

Idan wani zama ya ɓace, kada ka matso da lambobi don rufe gurbin. Ka tsallake daga 08 zuwa 10, ka rubuta a bayanin jeri cewa zama na 09, aya kaza zuwa kaza, ba a samu ɗaukarsa ba. Ta haka ɗalibi zai san akwai ayoyin da zai nema a wani wuri, wataƙila ma wani da ya ɗauka da wayarsa ya kawo maka. In an ɗauke wuta karatun ya rabu biyu, ka kira su 11a da 11b.

Na katin waya kuwa sunansa daban ne:

```
1445_11_002_Bakara_183-185.mp3
```

Lambar 002 ta sura ce, ita za ta ba ka damar tattara duk na Baƙara da bincike ɗaya. Ka riƙa sa sifiri a gaban lambobin ƙasa da goma, 01, 02, domin ƙananan wayoyi da rediyon mota da yawa harafi-harafi suke jerawa, sai ka ji bayan zama na 1 an tsallaka 10, 11, 12, kafin a dawo 2. Kada ka sa alamomin | : / ? a sunan fayil, kwamfuta ba ta karɓarsu. A nan na rubuta "Bakara" da k mara lanƙwasa da gangan, saboda tsofaffin na'urori sukan nuna ƙ da ɗ da ɓ a matsayin akwati ko alamar tambaya. A YouTube ma ka sa rubutun da mutane suka saba bugawa, "Bakara" da "Baqara", sau ɗaya a ƙarshen bayani, don mai nema ya same ka. Sannan ka cike bayanan cikin fayil ɗin da manhaja irin Mp3tag: Album ya zama "Tafsiri 1445", Artist sunan malam, Track lambar zama. Manhajojin sauraro da yawa wannan suke karantawa maimakon sunan fayil. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin Document, in ba haka ba sunan yakan koma wani abu irin AUD-20240323-WA0004 a wayar wanda ya karɓa.

Tsofaffin na shekara ukun nan kada ka goge su ka sake ɗorawa. Canja suna da bayani ba ya taɓa adireshin bidiyo, amma gogewa tana kashe duk adireshin da aka riga aka rarraba wa mutane. Ka fara da takarda mai layi: shekara, zama, sura, ayar farko, ayar ƙarshe, mas'ala. Ba sai ka saurari kowanne duka ba, minti biyar na farko da biyar na ƙarshe sun isa su nuna maka inda aka fara da inda aka tsaya. In ayar ƙarshe ta wani zama ba ta haɗu da ayar farko ta mai bi masa ba, to ko dai akwai wanda ya ɓace ko an juya lambobi. Ka kai wa malam ko ɗaya daga manyan ɗalibansa takardar ya duba sunayen mas'alolin, sannan ka zauna ka gyara na YouTube shekara ɗaya bayan ɗaya, ka fara da ta bana tunda ita aka fi nema.

Wallahu a'alam.