Me ya sa fenil ke ƙaura a Baeyer-Villiger?

"Na haɗa asitofinon, C6H5COCH3, da mCPBA. Na rubuta C6H5COOCH3 zai fito, malam ya soke. Ina na kuskure?"

Amsar ita ce CH3COOC6H5, oksijin ya shiga ne tsakanin fenil da C=O. Ga dalili: mCPBA na fara manne wa kabon na C=O. Daga nan rukuni ɗaya yakan tashi da ilektoron ɗinsa biyu ya koma kan oksijin, daidai lokacin da haɗin O–O na jikin mCPBA ke tsinkewa. Mai ƙaurar yana ɗaukar ɗan cajin fozitif a hanya, don haka wanda ya fi jure cajin shi ke tafiya. Kabon mai rassa uku ne kan gaba, sai mai rassa biyu da fenil kusan kunnen doki, sai mai reshe ɗaya. Metil kuwa ɗan baya ne, da wuya ya motsa.

NMR zai raba gardama. CH3 zai sauko daga wajen 2.6 zuwa 2.3 ppm, da metil ne ya ƙaura, a 3.9 za ka gan shi.

A kula, in akwai C=C a jikin kiton ɗin, mCPBA na iya taɓa shi ma. Kuma kada ka tace mCPBA ko ka ɗumama shi sai mai kula da ɗakin gwaji na tsaye, yana iya fashewa.